Wasiƙar Farko Daga Ƙaramar Ƙungiya Zuwa Mai Ba da Tallafi

Wasiƙar farko da ƙaramar ƙungiyar al'umma ke aikawa ta imel zuwa wata gidauniya ko ofishin jakadanci aiki ɗaya gare ta: ta sa jami'in da ya karanta ta ya yarda a yi magana. Kuɗi, in za su zo, sai daga baya, bayan an aika taƙaitaccen bayanin aiki na shafi biyu ko uku, sannan cikakkiyar takardar neman tallafi da kasafin kuɗinta, sannan a binciki takardun ƙungiyar, wani lokaci har a zo a gani da ido. Ƙungiyar da ta tura wannan duka a zama ɗaya ta ɗora wa baƙo kayan da bai ce zai ɗauka ba.

Kafin a rubuta kalma ɗaya, sai an san wa ake rubuta wa. Kowane mai ba da tallafi yana da fannin da ya zaɓa, da yankin da yake aiki, da hanyar da yake karɓar buƙata, kuma galibi duk suna rubuce a shafinsa na intanet. Gidauniyar TY Danjuma, alal misali, ta fi mayar da hankali kan lafiya da ilimi, kuma takan fitar da sanarwa idan lokacin neman tallafi ya yi. Ofishin jakadancin Japan a Abuja yana da shirin tallafa wa ƙananan ayyukan raya karkara, irin su azuzuwa da ɗakunan shan magani da ruwan sha, yana da fom ɗinsa na musamman, kuma ba a saba biyan albashin ma'aikata da kuɗinsa ba. Wanda ya aika wa irin wannan shiri roƙon kuɗin albashi ya nuna tun a layin farko cewa bai karanta komai ba. Akwai kuma gidauniyoyin da suka rubuta ƙarara cewa ba sa karɓar buƙatar da ba su nema ba. Su waɗannan, iyakar abin da ya dace shi ne gabatar da kai da tambayar yaushe za su buɗe ƙofa.

A ɗauki misalin wata ƙungiyar mata a wani ƙauye na Jigawa. A ce shekara huɗu ke nan suna karo-karo suna gyara famfunan tuƙa-tuƙa. A cikin famfo 14 da ke unguwanni uku sun tayar da 9, saura 5 da lalacewarsu ta fi ƙarfin aljihunsu, kuma suna son a koya wa matasa shida gyara domin a daina jiran makaniki daga gari. Sakatariyarsu ta gano wata gidauniya da ke tallafa wa ayyukan ruwa a arewa.

Kan wasiƙar, wato layin da ake cikewa a gurbin Subject, shi jami'in zai fara gani, kuma da shi zai yanke ko ya buɗe ko ya wuce. "Neman taimako na gaggawa" bai faɗi komai ba, ga shi kuma ya yi kama da saƙon 'yan damfara. "Gyaran famfunan ruwa a Jigawa: ƙungiyar mata na neman tattaunawa" ya faɗi aikin, da wurin, da abin da ake so. Gaisuwa layi ɗaya ta isa, da sunan jami'in in an san shi. Al'adar wasiƙar Hausa ta jero gaisuwa mai yawa da fatan alheri da tambayar iyali tana da wurinta, amma a nan takan cinye layukan da ke fitowa a fuskar waya kafin a gangara ƙasa.

Sakin layi na farko ya ce su wane ne, a ina suke, da dalilin da ya sa aka zaɓi wannan gidauniya. Nan ne ake gane wasiƙar da aka rubuta wa mutum ɗaya da wadda aka raba wa mutum hamsin. Sakatariyar za ta ambaci wani aikin ruwa da gidauniyar ta tallafa wa, wanda ta gani a rahotonta na shekara, ta ce nasu aikin irinsa ne. Yabon gidauniya da cewa ta shahara wajen taimakon talakawa ba ya maye gurbin wannan.

Sakin layi na biyu shi ne cikin wasiƙar, kuma a nan yawancin ƙungiyoyi ke kuskure. Sukan cika shi da bayanin talauci da wahalar ruwa, abin da jami'in ya riga ya sani, su bar abin da bai sani ba, wato abin da su suka yi da hannunsu. "Mun gyara famfo 9 cikin 14 da kuɗin karo-karonmu, kuma duk suna ba da ruwa har yau" magana ce da za a iya zuwa a duba. "Mun taimaki dubban mata" ba ta da inda za a kama ta. Adadin da aka rubuta kuwa ya zama na gaskiya, domin za a sake tambayarsa a fom, kuma idan 9 ta koma 20 a takarda ta gaba, magana ta ƙare.

Sai batun amana. Saƙon imel daga Nijeriya da ke ambaton kuɗi yakan gamu da zargi tun kafin a karanta shi, albarkacin 'yan 419. Maganinsa shi ne abin da za a iya tantancewa. In ƙungiya ta yi rajista da CAC a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ta sa lambar rajistar, domin kowa na iya bincika sunanta a shafin hukumar. Ta faɗi cewa tana da takardar SCUML da asusun banki da sunan ƙungiya, in tana da su. In rajistar ƙaramar hukuma ce kawai, a faɗi haka, a kuma ambaci wata babbar ƙungiya ko ofishi da ya san aikin, bayan an nemi izininsa. Lambar asusu ba ta da gurbi a wasiƙar farko, balle asusun shugaba na kansa.

Buƙatar a ƙarshe ta zama ɗaya, ƙarama: ganawa ta minti ashirin ta waya, ko izinin aika taƙaitaccen bayanin aiki. Ana iya faɗin kimanin girman aikin a jimla ɗaya don jami'in ya san ko ya dace da abin da suke bayarwa. A rufe da cikakken suna, muƙami da lambar waya. Wasiƙar duka kada ta wuce kalma 200 zuwa 250, da Turanci mai sauƙi, ko Faransanci in a Nijar ne. Takarda ɗaya ta PDF mai shafi guda da hoto biyu ta wadatar; tarin hotuna da bidiyo kan sa saƙon ya ƙi tafiya, tunda Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25. Jera adireshin gidauniyoyi goma a gurbin CC kuma ya nuna wa kowace cewa ba ita kaɗai aka nufa ba.

Shiru bayan aikawa abu ne da aka saba. Bayan mako biyu sai a yi tuni sau ɗaya, da layi biyu, a ƙarƙashin saƙon farko. Amsar da ta ce a jira sanarwa ta gaba, a rubuta lokacinta a littafin ƙungiya. Wadda ta ce aikin ba fanninsu ba ne, a gode, a tambaya ko sun san wanda fanninsa ne. Amsar da ta zo da sauri tana cewa an amince da miliyoyi, amma sai an biya kuɗin fom ko na sakin tallafi, daga ɗan damfara ta fito, ko da tana ɗauke da tambarin gidauniya. Sai a duba adireshin da ta fito daga gare shi, a gwada shi da wanda ke shafin gidauniyar, a kuma kira lambar ofishin da ke wannan shafin kafin a sake cewa komai.