Wasiƙar Maigida Kan Abin da Baki Ya Kasa Faɗa

Idan namiji ya fara samun raunin gaba, abin da ya fi saurin yi shi ne gudun shimfiɗa. Zai daɗe a majalisa har sai ya tabbatar mai ɗakinsa ta yi barci, ko ya shigo yana kukan gajiya, ko ya tsiri faɗa a kan gishirin miya don dai a kwana baya da baya. Ita kuwa matar ba ta san abin da ke faruwa a jikinsa ba, don haka sai ta fassara shirun da abin da ta fi tsoro: ya daina sonta, ko yana neman ƙarin aure, ko kishiya ta shiga tsakani. Daga nan kuɗinta ya fara tafiya wajen masu kayan mata, nasa kuma wajen masu maganin maza, alhali babu wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan.

Kunya ce ke ɗaure harshe, kuma a nan rubutu ke da amfani, domin takarda ba ta haɗa ido da kowa. Ga misalin irin wasiƙar da magidanci ɗan shekara arba'in da shida, mai hawan jini, zai iya ajiye wa matarsa. Misali ne aka tsara, ba wasiƙar wani takamaiman mutum ba.

"Assalamu alaikum, Maman yara. Na rubuto ne saboda na sha ɗaukar maganar nan zuwa ɗakinki, bakina yana yi mini nauyi. Kin ga canji a wurina tun bayan ƙaramar Sallah, kin kuma yi kawaici ba ki tambaya ba. Gaskiyar magana ita ce jikina ne ba ya amsa mini kamar da. Sha'awarki tana nan, amma ƙarfin ba ya zuwa, in ya zo ma ba ya daɗewa. Wallahi babu laifinki ko kaɗan, ba kuma wata nake nema ba. Daɗewar da nake yi a waje kunyarki ce nake gudu, kuma na san na cutar da ke da hakan. Ki yafe mini.

"Ranar Litinin na je asibiti. Likita ya auna jinina ya samu 158 bisa 96, ya ce ya yi sama. Ya duba maganin hawan jinin da nake sha, ya ce yana cikin waɗanda kan jawo wannan matsala, zai canza mini wani. Ya rubuta mini gwajin suga da na kitsen jini, zan je da sassafe kafin in ci komai. Bayan sati biyu zan koma da sakamakon. Ya kuma hana ni shan komai daga kemis ko wajen masu jiƙe-jiƙe sai ya gani.

"Abin da nake roƙonki shi ne ki yi mini haƙuri na wata uku, duk abin da likita ya faɗa zan gaya miki. Zan riƙa shigowa da wuri. Kada ki ɗauka duk sanda na matso kusa da ke dole sai an kai ga wani abu, kada kuma ki guje ni don tausayi. In kina so mu je asibitin tare, zan fi jin daɗi. Maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Mijinki."

Wasiƙar ba ta da tsawo, amma kowane sashe nata yana da aikin da yake yi. Na farko shi ne ta kira matsalar da sunanta. Mutane kan haɗa abubuwa uku a kira su rashin ƙarfi: rashin sha'awa, saurin kawowa, da gazawar gaba wajen miƙewa ko riƙe ƙarfi har a gama. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Mai wasiƙar ya ce sha'awa tana nan, ƙarfi ne babu, kuma wannan jimla ɗaya ta cire wa matar zargin kanta, ta kuma ba likita bakin zare. Likitoci ba sa kiran abin ciwo don an kasa sau ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya ko ɓacin rai. Sai ya nace kamar wata uku.

Me ya sa likita ya fara da awon jini da suga, bai miƙa ƙwaya ba? Saboda miƙewar gaba aikin jini ne. Idan sha'awa ta motsa, ƙwaƙwalwa na aika saƙo ta jijiyoyi, hanyoyin jinin gaba su buɗe, jini ya cika wasu sassa biyu masu kama da soso, su kumbura su danne hanyoyin da jinin zai koma. Duk abin da ya lalata hanyoyin jini ko jijiyoyin saƙo zai taɓa wannan aiki, kuma ciwon suga yana lalata duka biyun. Hawan jini, taba, ƙiba da yawan kitse a jini duk suna ƙuntata hanyoyin. Hanyoyin jinin gaba faɗinsu milimita ɗaya zuwa biyu ne, na zuciya kuwa uku zuwa huɗu, kuma ƙaramin bututu shi ke fara toshewa. Shi ya sa raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru, kuma ba ƙaramin adadin maza ba ne suka fara sanin suna da suga a ranar da suka kai wannan ƙorafi. Gwajin suga na safe kafin cin abinci idan ya kai 126 mg/dL ko ya wuce, aka maimaita aka sake samun haka, ciwon suga ne.

Abin ya yawaita fiye da yadda hirar majalisa ke nunawa. Wani sanannen bincike da aka yi a jihar Masacusets ta Amurka, aka wallafa a 1994, ya gano kashi 52 cikin ɗari na maza masu shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na matsalar, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. A wajenmu dai basir da sanyi ne ke shan zargi, sai kuma asiri, kuma mutum zai iya shekara yana wankin ciki alhali sugansa na ci gaba da ɓarna.

Akwai tambayar da likita kan yi wadda mutum zai iya yi wa kansa: shin gaba na miƙewa cikin barci ko da asuba? Idan yana yi da ƙarfinsa, kuma matsalar ta zo farat ɗaya, wataƙila bayan karayar arziki ko rigimar gida, to an fi kyautata zaton damuwa ce. Idan kuwa ta zo a hankali, miƙewar asuba ma ta ragu, an fi zargin hanyoyin jini ko jijiyoyi. Sau da yawa biyun na haɗuwa. Mutum ya kasa sau ɗaya saboda magani, washegari ya zo da fargaba, fargabar ta sa jiki ya saki sinadaran da ke tsuke hanyoyin jini, ya sake kasawa. Wannan ne dalilin jimlar nan ta wasiƙar da ke cewa kada kowace matsowa ta zama dole sai an kai ga wani abu. Idan shimfiɗa ta koma jarrabawa, namiji faɗuwa yake yi. Masu ba ma'aurata shawara kan ce a jingine saduwa na ɗan lokaci a tsaya ga hira da wasa, don fargabar ta kwanta.

Batun maganin hawan jini yana buƙatar taka-tsantsan. Wasu daga ciki, kamar atenolol da wasu masu sa yawan fitsari, kan rage ƙarfin gaba, haka ma wasu magungunan damuwa, da tiramadol da kodin da matasa ke sha, wasu ma da sunan neman daɗewa. Amma wanda ya ajiye maganin hawan jininsa da kansa yana wasa da shanyewar ɓarin jiki. Likita ne zai musanya masa da wani.

Idan aka kai ga ƙwaya, wadda aka fi sani ita ce sildenafil, da ta fito kasuwa a 1998 da sunan Bayagira. Yawanci ana farawa da miligiram 50, a sha kamar awa ɗaya kafin buƙata, ba fiye da sau ɗaya a rana ba. Ba ta haifar da sha'awa, tana taimaka wa hanyoyin jini su buɗe ne bayan sha'awar ta motsa, kuma abinci mai maiƙo yana jinkirta aikinta. Maza da yawa kan yanke ƙauna daga gwajin farko, alhali likitoci na son a gwada sau shida zuwa takwas yadda ya dace kafin a ce ba ta yi ba. Haɗarinta babba yana ga mai ciwon zuciya da ke shan magungunan naitiret, irin na ciwon ƙirji da ake sawa ƙarƙashin harshe: haɗa su na iya faɗar da jini ƙasa har a rasa rai. Mai sikila ma sai da izinin likita. Miƙewar da ta wuce awa huɗu ba ta sauka ba, kai tsaye asibiti ake nufa ko da tsakar dare ne, domin jinkiri na iya kashe gaban ɗungurungum. Hukumomin kula da magunguna sun sha gano sildenafil a ɓoye cikin kayan da ake tallatawa a matsayin zallan ganye ko zuma, ba tare da an rubuta adadinsa ba. Mai shan irin waɗannan bai san abin da yake haɗiya ba.

A ganina, abin da ya fi ƙima a wasiƙar shi ne wa'adin wata ukun nan da ranar komawa asibiti. Neman haƙuri marar iyaka zalunci ne, domin ita ma tana da hakki a shimfiɗa kamar yadda yake da shi. Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun ba mijin da ya kasa kusantar amaryarsa wa'adin shekara guda, in bai samu sauƙi ba ita ke da zaɓi. Hukuncin wanda lalurar ta same shi bayan an daɗe tare yana da nasa bayani wajen malamai, amma ko a nan an ga cewa shari'a ba ta mayar da buƙatar mace abin wasa ba. Wata uku sun isa a ga tasirin canjin magani, a san matsayin suga, a fara tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum, a bar taba. In ba a ga canji ba, mataki na gaba shi ne likitan mafitsara, wanda zai iya duba sinadarin mazakuta a jinin safe, ya kuma kawo wasu hanyoyin kamar allura ko na'urar zuƙo jini.

Mai mata fiye da ɗaya kada ya gaya wa guda ya bar sauran cikin duhu, don wadda ba ta sani ba za ta ɗauka a ɗakinta kaɗai abin ke faruwa, kuma daga nan zargin asiri ke tasowa. Takardar kuma a ba ta hannu da hannu, ko a ajiye inda ita kaɗai za ta gani. Saƙon waya ba shi da amana a gidan da yara ke ɗaukar wayar uwarsu.

Ke kuma da aka miƙa wa irin wannan takarda, kada ki kai ta gida ko wajen ƙawa, kada kuma ki sayo masa wani haɗi ki zuba a shayi. Tambaye shi ranar da zai koma asibiti, ki shirya ku tafi tare, ku riƙe duk magungunan da yake sha a leda don likita ya gani.