Yadda Ake Gyara Bayanin Buƙata a Takardar Neman Tallafi

A takardar neman tallafi akwai sashen da ake kira bayanin buƙata, inda mai nema ke fayyace matsalar da ta sa ya miƙa hannu. Ƙungiyoyinmu na ci gaban gari sun fi tuntuɓe a nan, domin koke suke rubutawa alhali hujja ake jira.

A ce ƙungiyar wani ƙauye na neman kuɗin haƙa rijiyar burtsatse, sai sakatare ya rubuta: "Al'ummarmu na cikin mawuyacin hali na rashin ruwa, mutane da dama na shan wahala, musamman mata da yara." Ba ƙarya ya yi ba. Amma ƙauyuka dubu za su iya sa hannu a kan wannan jimla, kuma mai tantancewa bai samu abin aunawa ba.

Gyaran shi ne a bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya ana tambayarsu. "Da dama" ɗin nan mutum nawa ne? A zagaya da mai unguwa a ƙirga gidaje da mazauna. "Wahala" kuma minti nawa ce? A sa wani ya tsaya a bakin famfo da agogo har mako guda, yana rubuta tsawon jiran layi. Daga nan jimlar za ta iya komawa, alal misali: "Mutum 1,200 ke ɗiban ruwa a famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya. A ƙidayar da muka yi a watan Maris, mai ɗiba kan kwashe minti 90 daga fita zuwa dawowa."

Sai a kawo ma'aunin da mai ba da tallafi ya sani. WHO da UNICEF ba sa lissafa gida cikin masu samun ruwan sha a matakin farko idan zuwa da layi da dawowa sun wuce minti 30. Minti 90 ya ninka wannan sau uku, kuma mai karatu zai gani da kansa ba sai an ce "matsananci" ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a rubuta cewa matsalar ita ce "ba mu da burtsatse". Burtsatse magani ne da kuka zaɓa. Matsalar ita ce lokacin da ke salwanta da ruwan tafkin da ake komawa sha. In akwai tsohon famfo da ya lalace, ku faɗi abin da ya kashe shi, don tabbas za a tambaya me zai hana sabon mutuwa.

Batun cuta kuwa sai da taka-tsantsan. Kada ku ce yara na mutuwa da amai da gudawa sai rajistar asibitin sha-ka-tafi na garin ta nuna haka. In adadin masu gudawa kawai ta nuna, shi za ku rubuta, da watannin da aka ɗauke shi.