Takalmi Ƙafa Sittin, Lissafi Goma Sha Biyar

Mai sayar da takalman mata da ta saro ƙafa sittin na samfuri ɗaya, in ka tambaye ta, cewa za ta yi tana da sittin. Mai saye kuwa baƙi lamba 39 take nema. Idan launi uku ne, baƙi da ja da ruwan zuma, lamba kuma daga 37 zuwa 41, to kaya iri goma sha biyar ke nan, kowanne da nasa lissafin.

Shafi ɗaya na littafi ya isa. A jera lambobin a sama, launukan a gefe, sai gida goma sha biyar su fito. Abin da za a rubuta a kowane gida shi ne abin da aka ƙirga da hannu ranar da aka buɗe kwali, domin rasidin dila yakan kawo jimilla ne kawai.

Inda aka fi samun matsala shi ne lokacin da ake cirewa. A ce baƙi 39 saura biyu. Da safe wata daga Kaduna ta tura kuɗin ɗaya ta banki, sai gobe za a kai tasha. Wata kuma ta ce a WhatsApp, "Hajiya, a ajiye mini ɗaya," aka amsa mata. Da la'asar yaron shago ya ga biyu a kanta, ya sayar da su duka. Bai yi laifi ba, abin da ya gani ya sayar, amma yanzu mutum biyu na jiran takalmin da babu shi.

Saboda haka kowane gida na bukatar adadi uku: abin da ke shago, abin da aka riga aka kama, da ragowar. Ragowar kaɗai ake faɗa wa mai saye. Da zarar kuɗi ya shigo, a rubuta nan take, a ɗauke takalmin daga kanta, a sa a leda da sunan mai shi. A ganina, ajiyar da ba kafin alƙalami bai kamata ta wuce kwana biyu ba, kuma a faɗa wa mai ajiyar tun farko. Littafin ma ɗaya zai kasance, ko ana saye a shago ko ta waya.

Sai musaya, wadda ke ɓoye kuskure domin jimilla ba ta canzawa. Wata ta dawo da ja 39 ta karɓi 40, gida biyu ne suka motsa. Kowane mako a ƙirga launi ɗaya a gwada da littafi. Idan 39 ya yi rarar ɗaya, 40 ya yi giɓin ɗaya, musaya ce aka manta ba a rubuta ba. Idan giɓi ne kawai babu rara a ko'ina, a fara duba ledojin ajiya da kayan da aka bayar bashi kafin a zargi kowa.