Ko Kun Sani?

Idan aka sauya sararin samaniya a hoto, inuwarsa cikin ruwa ba kifaffen kwafinsa ba ce kawai. Ruwa mai kwanciya, idan an kalle shi daga sama, kusan kashi 2 cikin 100 na haske kaɗai yake maidowa, amma can nesa, inda ido ke kallonsa a kaikaice, sai ya koma tamkar madubi. Shi ya sa ƙwararren mai gyaran hoto kan dusashe inuwar a kusa da kyamara, ya ƙarfafa ta wajen bakin gaɓa ta nesa, ya kuma ɗan rage mata haske. Abin da ya fi saurin tona asiri shi ne jan gajimaren almuru a sama, alhali tafkin na nuna shuɗin azahar.