Dillanci a waya: lissafin kuɗin kashewar ɗalibi a tsakiyar zango

Mako na biyar ko na shida da komawa makaranta shi ne lokacin da aljihun ɗalibi ke fara kuka. Garin kwaki da taliyar da aka zo da su daga gida sun yi ƙasa, malamai sun fara ba da takardun da za a buga, data ta ƙare, kuma kunya ta hana a sake kiran Baba. Ko wanda ya samu lamunin NELFUND, da aka fara karɓar buƙatunsa a 2024, naira dubu 20 ne kuɗin kashewar da ake ba shi a wata, kuma duk wanda ya san farashin abinci yau ya san inda wannan kuɗi zai tsaya. A nan ne ɗalibi ke duban wayar da ke hannunsa yana tunanin ko za ta iya ciyar da shi.

Za ta iya taimakawa, amma sai an auna sana'ar da ma'auni biyu. Na farko, nawa take kawowa bayan an cire duk abin da aka kashe. Na biyu, wanda ɗalibai suka fi mantawa da shi, wa ke da iko da lokacin aikin: kai ne, ko mai saye? Sana'ar da za ta kira ka kana tsakiyar lacca ba ta dace da ɗalibi ba, komai daɗin ribarta.

Mu fara da sayar da data, tunda ita ce kowa ke fara tunani. Tsarinta mai sauƙi ne. Ka yi rajista da wata manhajar masu sari, ka zuba kuɗi a asusunka na ciki, ka riƙa tura wa mutane datar MTN ko Airtel ko Glo kana ɗora ɗan abu a kai. Mu ƙaddara kana sayen giga ɗaya a naira 650, kana sayarwa 700. Ribarka hamsin ke nan. Kafin ka haɗa dubu ɗaya a yini sai ka yi ciniki ashirin, kuma kowane ciniki yana nufin karanta saƙo, duba shigowar kuɗi, kwafe lamba, turawa, da jiran a ce ta shiga. Mai neman data ba ya haƙuri, domin tasa ta riga ta ƙare. In ka yi minti goma ba ka amsa ba ya tafi wurin wani. Sai kuma bashi. Abokin ɗakinka zai ce, "Malam, sa min giga ɗaya, alat na zuwa anjima." Idan wannan alat bai zo ba, asararka 650 ce, wato ribar ciniki goma sha uku ta tafi a kan mutum guda. Ga kuskuren lamba ɗaya, wanda ba a dawo da kuɗinsa, ga ranar da manhajar za ta cire kuɗi data ba ta je ba. Tun bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, jarin da ake buƙata ya ƙaru, masu saye kuma sun ƙara sa ido a kan bambancin naira ashirin. A ganina wannan sana'a ta fi dacewa da mai shago da ke zaune wuri ɗaya fiye da mai jarrabawa a gabansa.

Wadda ta fi cika sharuɗɗan nan biyu ita ce dillanci, sana'ar da iyayenmu mata suka daɗe suna yi gida-gida, yanzu ta koma Status na WhatsApp. Ba ka sayen kaya ka ajiye. Kana haɗa mai shago da mai saye, ka ci la'ada.

Ga yadda take tafiya a aikace. A ce ɗaliba ce a Jami'ar Bayero, tana da ɗan uwa ko wani amintacce mai shagon atamfa a Kantin Kwari. Su yi magana ƙarara tun farko: zai riƙa turo mata hotunan kaya da farashinsa, turmin atamfa mai yadi shida a naira 9,000 misali, ita kuma ta sa 10,000, dubu ɗayan ita ce la'adarta. Ta faɗa wa masu saye gaskiya cewa kayan na shago ne, ita dillaliya ce. Wannan ya fi mata kwanciyar hankali ta fuskar addini, domin malamai suna gargaɗi a kan mutum ya sayar da abin da bai mallaka ba kamar nasa ne, kuma yana rage rigima idan kaya ya ƙare.

Sai ta tsara mako. Daga Lahadi zuwa Laraba tana sa hotuna a Status da daddare, biyar ko shida kawai, kowanne da farashinsa a rubuce. Rubuta farashin yana da muhimmanci, don shi ke kashe tambayar "nawa ne?" da ke cinye rabin lokacin mai talla. Status na ɓacewa bayan awa 24, saboda haka sau ɗaya a dare ya isa. Ranar Alhamis da dare ta rufe karɓar oda. Juma'a ta tura wa mai shago jerin kayan da kuɗinsu. Asabar ya ɗaure su ƙulli ɗaya ya ba ɗan aike ya kawo bakin ƙofar makaranta, masu kaya su zo su karɓa a awa ɗaya da aka tsayar.

Yanzu lissafi. Idan ta samu oda shida a mako, la'adarta 6,000 ce. Ta cire kuɗin ɗan aike, a ce 1,500, tunda ƙulli ɗaya ne. Ta cire datar da tallan ya ci, a ce 1,000. Saura 3,500 a mako, wato kusan dubu 14 a wata. Lokacin da ta kashe kuwa rabin awa ne kowane dare na kwana biyar, da kamar awa ɗaya da rabi ranar Asabar, jimla awa huɗu. Kuɗin ba zai sayi sabuwar waya ba, amma zai ɗauke data da buga takardu da kuɗin adaidaita sahu. A lura da abu ɗaya a cikin lissafin: da ta riƙa kawo kowace oda ita kaɗai, kuɗin aike 1,500 zai haɗiye la'adar 1,000 har ta ciko daga aljihunta. Tara oda a kawo rana ɗaya shi ne gaba ɗaya sirrin ribar, kuma shi ne ke kare karatun. Makon da oda ta tsaya a biyu, gara ta nemi haƙurin masu saye a haɗa da na mako mai zuwa, ko su raba kuɗin aiken.

Namiji ma haka zai yi da huluna, takalma daga Ƙofar Wambai, turare, ko caja da murfin waya daga Farm Centre. Wanda ke Samaru ko Sakkwato zai iya karɓar kayansa ta direban tasha. Abin dubawa shi ne kaya ya zama wanda ba ya lalacewa in ya kwana, kuma ba ya buƙatar gwaji sosai. Takalmi yana da matsalar lamba, abinci kuma ba ya jira a tashi daga lacca.

Manhajar WhatsApp Business kyauta ce, kuma tana da abubuwa biyu da suka dace da ɗalibi. Akwai Away message, saƙon da ke amsa wa mutane da kansa a lokutan da ka tsara. Ɗaliba za ta iya rubuta: "Ina aji yanzu. Ina amsa saƙonni daga ƙarfe 8:30 zuwa 9:00 na dare." Akwai kuma Catalog, inda ake jera kaya da farashi, mai saye ya duba ba tare da ya tambaye ka ba. Idan da hali, layin kasuwanci ya zama daban da na gida da 'yan aji, a kashe sanarwarsa da rana.

Inda abin ke ɓaci ba ɓoyayye ba ne. Na farko alat na bogi. Saƙon tes ko hoton rasit ba shaida ba ne, domin ana ƙirƙirar su. A buɗe manhajar banki, ko OPay ko Moniepoint ko wadda ake amfani da ita, a ga kuɗin ya hau kan abin da ke ciki kafin a rubuta oda. Na biyu launi. Atamfar da aka ɗauka a ƙarƙashin fitilar shago takan fito da wani launi daban a rana, sai mai saye ta ce, "Gaskiya ba wannan na zaɓa ba." Maganinsa a roƙi mai shago ya ɗauki gajeren bidiyo a hasken waje, kuma a yi yarjejeniya da shi cewa zai canja kayan da ba a yanka ba. Na uku kaya ya ƙare bayan an biya, shi ya sa ake tambayarsa kafin a karɓi kuɗi. Na huɗu shi ne mafi haɗari, kuma daga dillalin kansa yake fitowa: kuɗin mutane su kwana uku a asusunsa, yunwa ta taso, ya taɓa dubu biyu da niyyar mayarwa. Daga nan ake fara biyan odar jiya da kuɗin odar yau. Wanda ya san halinsa, gara ya sa masu saye su tura kai tsaye ga mai shago, shi kuma ya karɓi la'adarsa ranar Asabar.

Akwai kuma abin da ke shigowa da sunan sana'ar waya alhali ba ita ba ce. Duk tsarin da aka ce ka biya kuɗin rajista, ka kawo mutum uku, ko ka zuba dubu goma ta zama ashirin a wata, kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi da shi. MMM ta daskarar da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta rufe da na wasu a Afrilun 2025, kuma tallarsu ta bi ta hannun abokai da 'yan uwa ne. Haka wanda zai ce ka ba shi aron asusun bankinka a turo kuɗi ya ba ka wani abu: in kuɗin na damfara ne, sunanka da BVN ɗinka ne a kai, kai za a nema. Rubuta wa wani aikin gida ko kundin kammala digiri don kuɗi ma laifi ne da kan jawo kora.

Yaya ɗalibi zai gane cewa kasuwa ta fara cin karatu? Ba sai sakamako ya fito ba. Idan ya fara amsa mai saye a ƙarƙashin benci malami na magana, ko ya makara laccar ƙarfe takwas saboda hira da kwastoma har tsakar dare, ƙa'idar rabin awa ta karye. Jami'o'i da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin a zauna jarrabawa, kuma gwaje-gwajen tsakiyar zango kan ɗauki maki 30 ko 40 cikin ɗari. Kwas ɗaya da aka faɗi zai iya riƙe mutum ƙarin zango ko shekara, da kuɗin rajista da na masauki da suka ninka duk la'adar da ya tara.

Saboda haka a sa kwanakin rufewa a cikin tsarin tun ranar farko. Makon gwaji ba a karɓar oda. Saura mako biyu jarrabawa a sa sanarwa a Status cewa an tsaya sai an gama, a sallami duk wanda ke bin kaya, a yi lissafi da mai shago. Tunda babu kayan da aka saya aka ajiye, babu abin da zai lalace ko jarin da zai maƙale. Don kada aljihu ya bushe a waɗannan makonni, a riƙa ware naira 500 daga ribar kowane mako tun farkon zango. A mako goma ta zama 5,000, wadda za ta riƙe data da buga tsofaffin tambayoyi har a fito daga takarda ta ƙarshe.