Wasan da ya jawo mana asarar cinikin shanu uku

Ni ɗan kara ne, mahaifina ya fi shekara ashirin yana kawo shanu Ibadan. Kwanaki wani dillalinmu, Bagobiri, yana ciniki da wani matashin mahauci Bayarabe, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce masa: "Kai bawana ne, biya kawai." Mu duk muka kwashe da dariya, domin mun san akwai wasa tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Shi kuwa yaron bai taɓa jin wannan zance ba. Abin da ya gani kawai shi ne Hausawa biyar suna masa dariya an kira shi bawa. Ya mayar da kuɗinsa aljihu ya tafi, cinikin shanu uku ya rushe.

Da dare Baba ya ce min: "Wasan dangi da sharaɗinsa." A gida, in Bafulatani ya tsokani Babarbare, ko Bakano ya tsokani Bazazzagi, kowa ya gaji wasan daga kakanni, kuma kowa yana da damar ramawa nan take. A nan Kudu ba kowa ya san wannan yarjejeniya ba, kuma in babu ita, maganar zagi ce kawai. Mu ma ai mun san yadda muke ji idan aka kira mu "aboki" da sigar raini.

Na addini ya fi haɗari, domin ba shi da ramuwa. In ka taɓa cocin mutum ya rama da masallaci, ba za ka yi dariya ba, faɗa za a yi. Rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ba daga barkwanci ya faro ba, amma daga 'yar taƙaddama ce, ga shi an rasa rayuka da shaguna. Na nakasa kuma, gurgu ko mai i'ina bai zaɓi halinsa ba. Ko ya yi murmushi, sau da yawa don kada a ce ba ya son wasa ne.

To wa za a tsokana? Fara da kanka. Ni na kan ba da labarin ranar da bijimi ya kora ni na haye buhunan dusa, kuma Hausawa da Yarbawa tare suke dariya. Sai abin da ke damun kowa: tirelar da ta kwana biyu a hanya, ɗauke wuta, mai sayen da ya zagaya kara sau uku ya dawo kan farashin farko.

In kana wasa, dubi fuskar wanda ake magana a kansa. Idan mutanenka ne kaɗai ke dariya shi ya yi shiru, tsaya ka ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ji. Dillalinmu ya bi mahaucin har mayanka washegari, sai bayan mako biyu ya sake shigowa kararmu.