Giɓin Kuɗin Ƙwadago a Masana'anta: Lada, Zaman Jira da Saurin Aiki

Masana'antar da ke aiki da ma'auni takan tsayar da abu biyu tun kafin a fara aiki: awannin da ya kamata kowane kaya ya ci, da ladan kowace awa. A ƙarshen wata akanta kan gwada abin da aka kashe da wannan ma'auni. Giɓin da ya fito kashi uku ne, kowanne da sanadinsa.

Misali, a ɗauki masana'antar ɗinkin rigunan makaranta, inda ma'aunin riga ɗaya awa 2 ne, ladan awa kuma naira 500. An ɗinka riguna 1,000, don haka ya kamata a ci awa 2,000, wato naira 1,000,000. Amma an biya teloli awa 2,300 a kan naira 1,196,000. Giɓin ya kama naira 196,000.

Kashi na farko shi ne giɓin lada. Da an biya awa 2,300 ɗin a kan naira 500, da kuɗin ya tsaya a naira 1,150,000. Rarar naira 46,000 ta nuna an biya kowace awa naira 520. Ƙarin albashi kan jawo haka, wanda ba ya hannun mai kula da aiki. Amma in shi ne ya sa aikin ƙarin lokaci, ko ya ɗora manyan teloli a kan ɗinkin da almajirai za su iya, to alhakin nasa ne.

Na biyu shi ne zaman jira, wato awannin da aka biya alhali kekuna na tsaye. A wannan wata an ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, yadi kuma ya makara, har awa 200 suka salwanta. A kan naira 500, asarar ta kai naira 100,000. Sai da rajistar da ke nuna lokacin kowace tsayawa da dalilinta ake gane ko matsalar daga sashen gyara take ko daga masu sayen kaya.

Na uku shi ne giɓin saurin aiki, wanda ake aunawa da awannin da aka yi aiki kaɗai. Teloli sun yi awa 2,100 a aikin awa 2,000, rarar awa 100 ke nan, wato naira 50,000. Nan ne hannun mai kula da aiki ya fi tasiri, ta fuskar horo, rabon aiki da yawan warware ɗinki. Da ba a ware zaman jira ba, da an ɗora wa teloli naira 150,000, alhali kashi biyu cikin uku ba laifinsu ba ne.

Giɓin lada da na sauri sukan ja juna. Ɗaukar almajirai masu araha kan rage lada amma ya ƙara awanni, don haka ribar da aka gani a gefe guda tana iya zama sanadin asara a ɗaya gefen. Idan kuwa giɓi iri ɗaya ya riƙa dawowa kowane wata, ma'aunin ne ya tsufa, kuma shi ya kamata a fara sabuntawa kafin a tuhumi ma'aikata.